Babi Na 7 Da Ya Koma Babi Na 3

Wai babi ɗaya tak ƴan group ɗinmu na karatu suka ce in ciro musu daga wani littafi na kyauta, EPUB ne, saboda wasu wayarsu ta cika. Na ce ai wannan ƙaramin alhaki ne, don na san sirrin: EPUB ba komai ba ne illa zip da ya canza suna. Ka yi kwafi, ka mayar da .epub ya zama .zip, ka buɗe, shikenan.

Na shiga folda OEBPS, na shiga Text, ga fayil-fayil nan a jere reras. Ido na ya faɗa kan part0007.xhtml, babi na 7 ake nema, to me kuma ake jira? Na tura har da ɗan "ba sai kun gode ba".

Can sai ga Anti, babbar cikinmu, ta rubuto: "Sannu da ƙoƙari ƙanina, amma wannan ai babi na 3 ne, kuma ina hotunan?"

Ashe lambar fayil ba ruwanta da lambar babi. Bango ya ci part0001, shafin suna ya ci na biyu, haƙƙin mallaka na uku, jerin abubuwan ciki na huɗu, kenan babi na 1 sai a part0005 ya fara, nawa na 7 yana can part0011 yana min dariya, kuma da yake dogo ne an raba shi biyu, wutsiyarsa na part0012. Ainihin jerin yana cikin content.opf, wurin da aka rubuta spine, shi ke faɗa wa manhaja wanne ke bin wanne. Ko ma ka buɗe fayil ɗin ka karanta kanunsa kafin ka tura, wannan ko sisi ba a biya.

Hotunan kuwa dama ba a cikin babin suke ba. Babin nuni kawai yake yi, kamar haka:

```
<img src="../Images/fig7-1.jpg"/>
```

Ka raba shi da folda Images, sai ɗan akwati fanko inda jadawali ya kamata ya fito. Kamar ka aika amarya ka bar kayan ɗakinta.

Calibre, manhajar gyara littattafai irin su EPUB, ce ta fitar da ni kunya. Na saka kwafin littafin, na danna Edit book, na goge sauran babobin na bar part0011 da part0012 da hotunansu da CSS mai tsara kamannin shafi, sai Check book ya yi ta ƙorafin link ɗin da suka mutu a jerin babobi, na gyara, na mayar da shi PDF. Da littafin mai kullen DRM ne ma da ko buɗuwa ba zai yi ba.

Na tura, kowa ya yi shiru. Sai wani ya ce malam ya canza, yanzu babi na 9 za a yi, in taimaka tunda hannuna ya faɗa. Na kashe data.