Hujjar da Rum ta kashe Kiristoci da ita, da ita ta ɗaukaka su

Yawancinmu mun san Rumawa ne a matsayin Kiristoci, domin haka suke a zamanin da Suratur Rum ta ambaci yaƙinsu da Farisa. Amma wannan daular ta shafe kusan shekara ɗari biyu da hamsin tana ɗaukar Kiristanci a matsayin laifin da zai iya kai mutum ga takobi. An saba cewa sarakunan farko azzalumai ne, sai aka yi sa'a Sarki Constantine ya ga gaskiya. A ganina wannan bayani bai wadatar ba. Tunanin da ya sa aka tsananta wa Kiristoci shi ne dai ya sa daga baya aka fifita su.

A wurin Barume, addini yarjejeniya ce tsakanin gari da allolinsa. Jama'a su yi yanka da ƙona turare a kan ƙa'ida, alloli kuma su ba da ruwan sama da lafiya da nasarar yaƙi. Hukuma ba ruwanta da abin da ke zuciyar mutum, muddin zai fito ya yi abin da kowa ke yi. Rum ta karɓi allolin Masar da na Sham, tun da masu bauta musu ba su ƙi na gari ba. Yahudawa ma an ɗaga musu ƙafa, saboda addininsu gadon kakanni ne, Rumawa kuwa suna girmama abin da ya daɗe. Kirista fa? Shi maƙwabcinka ne da jiya kuke zuwa ɗakin tsafi tare, yau ya ce allolin duk ƙarya ne. Idan aka yi fari ko annoba, kowa ya san wanda za a nuna da yatsa.

Mu duba abin da ya faru a lardin Bithynia, a arewacin Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 112. Gwamnan lardin, Pliny, ya rubuta wa Sarki Trajan yana neman shawara. Ya ce idan aka kawo masa mutum, yakan tambaye shi har sau uku ko shi Kirista ne, yana yi masa barazanar kisa. Wanda ya dage sai a kashe shi, in kuwa ɗan ƙasar Rum ne a aika da shi babban birni. Wanda ya musa, sai a sa shi ya kira sunan alloli, ya miƙa turare da giya a gaban gunkin sarki, ya zagi Almasihu, sannan a sallame shi. Pliny ya yi bincike, har ya azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidimar coci, bai gano komai ba sai mutanen da ke taruwa kafin asuba suna waƙar yabo, suna alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Duk da haka ya kashe masu dagewa, domin a wurinsa taurin kai a gaban hukuma laifi ne mai zaman kansa. Ya kuma ce kafin ya ɗauki mataki ɗakunan tsafi sun kusa zama kango, naman yanka kuma ya yi kwantai a kasuwa. Amsar Trajan gajera ce: kada a bi su gida gida, kada a karɓi takardar ƙara marar suna, wanda aka tabbatar a hukunta shi, wanda ya tuba ya yi yanka a yafe masa.

Wannan ya nuna cewa tsanantawar farko, har da kisan da Nero ya yi bayan gobarar birnin Rum a shekara ta 64, abu ne na nan da can, sau da yawa fushin 'yan gari ke tayar da shi. Lamarin ya zama na daula baki ɗaya ne lokacin da daular ta shiga uku: Farisa daga gabas, ƙabilun Jamus daga arewa, sojoji suna naɗa sarki suna kashe shi. A shekara ta 250 umarnin Sarki Decius ya fara aiki, cewa kowa ya yi yanka a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu da dama a Masar. Decius shi ne sarkin da tafsirai da yawa ke kira Daƙyanusu a ƙissar Ashabul Kahfi. Mafi muni ya zo a shekara ta 303 a ƙarƙashin Diocletian, lokacin da aka rushe coci, aka ƙona littattafai, aka tuɓe Kiristoci daga muƙamai. Mutanen da suka mutu a kan imaninsu sun cancanci girmamawa, kuma jimirinsu ne ya karya wannan siyasa.

A shekara ta 311 Sarki Galerius, wanda yana cikin masu zafin tsanantawar, ya janye dokar yana kan gadon mutuwa. Sharaɗin da ya gindaya shi ne abin lura: Kiristoci su roƙi Ubangijinsu lafiyar sarki da ta daula. Wato hukuma tana nan a kan neman yardar sama, ta dai ƙara ƙofar da take ƙwanƙwasawa.

Constantine ya ci yaƙin gadar Milvian a shekara ta 312, ya kuma danganta nasarar ga Ubangijin Kiristoci. A 313 shi da abokin sarautarsa Licinius suka amince a Milan kowa ya bi addinin da ya ga dama, a mayar wa coci dukiyarta. Masu cewa dabarar siyasa ce kawai sun manta cewa Kiristoci tsiraru ne a lokacin, musamman a soja da majalisar dattawa. Na yarda ya yi imani, amma imani irin na sarkin Rum, mai neman Ubangijin da ke ba da nasara. Ya ɗauke wa limaman coci nauyin hidimomin gari, ya gina manyan coci da kuɗin baitulmali, ya halatta a bar wa coci wasiyya, ya mai da Lahadi ranar hutu a 321. Daga nan wanda ke neman muƙami ya gane inda iska ta kaɗa. Da saɓanin aƙida ya tashi, sarki da kansa ya kira taron Nicaea a 325, domin yana tsoron ɓatacciyar ibada ta jawo wa daula fushin Allah.

Sarki Julian ya yi ƙoƙarin dawo da tsafi daga 361 zuwa 363, mutuwa a yaƙin Farisa ta katse shi. A 380 Sarki Theodosius ya ba da doka a Thessalonica cewa aƙidar Nicaea ita ce addinin daula, a 391 da 392 kuma ya haramta yanka ga gumaka, har wanda mutum zai yi a cikin gidansa.

Wani zai ce ai wannan nasara ce tsantsa ga waɗanda aka zalunta. An daina kashe su, wannan alheri ne babba. Sai dai 'yancin da aka shelanta a Milan bai kai shekara tamanin ba, kuma ƙarfin hukuma ya juya kan masu tsafi da Kiristocin da suka saɓa wa fada. Wajen shekara ta 385 aka fille kan Priscillian, wani bishop daga Spain, a birnin Trier, bayan 'yan'uwansa bishop-bishop sun kai ƙararsa gaban sarki Kirista.