Wayar Gwaggo ba ta da wani bayiros

Tun jiya raina yake a ɓace kan maganar wayar Gwaggo da kullum take cewa ta cika. A ce dattijuwa ta kai wa mai gyara waya, ya ɗan latsa sau biyu, ya ce mata bayiros ne, sai an yi filashin, ta kawo dubu uku! Wallahi wannan zalunci ne. Da ba ta ce bari ta tambaye ni ba, da an shafe komai, har da saƙonnin muryar marigayi mijinta da take saurara in kewa ta dame ta.

Babu wani bayiros. Wayar ta cika ne, kuma abin da Gwaggo take ta gogewa ba shi ya cika ta ba.

Ta ce min, "Ɗan nan, hotuna ɗari huɗu na goge, amma kullum sai ta ce min ta cika." Na ce, Gwaggo, mu yi lissafi. Hoto ɗaya na kyamararta bai wuce mega 3 ba. Ɗari huɗu ke nan giga 1 da ɗan ɗoriya. Kuma ko wannan ɗin bai fita daga wayar ba, domin yawancin wayoyin yanzu in ka goge hoto, kwandon shara yake komawa, wanda za ka ga an rubuta Trash ko Recycle bin ko Recently deleted, ya zauna a can kimanin kwana 30 yana cin wurinsa. Kamar ka share ɗaki ne ka tara sharar a bayan ƙofa. Da na buɗe nata kwandon, hotunan nan suna nan cif.

Amma babban kayan yana WhatsApp. An rubuta giga 32 a kwalin wayar, tsarin wayar da kansa ya riga ya cinye kusan 11 tun kafin a sa mata layi. A cikin abin da ya rage, WhatsApp kaɗai ya riƙe giga 13. Ba sai ka yarda da ni ba, shiga naka ka gani: Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Zai jero maka hirarrakinka, wadda ta fi nauyi a sama, ya kuma ware maka Larger than 5 MB da Forwarded many times. Gurup ɗin danginmu kaɗai giga 5 ya ci a wayarta. Bidiyon biki, wa'azi, bidiyon suna, duk suna sauka da kansu ba ta sani ba. Har abin da ita ta tura wa mutane daga kyamararta, akwai kwafinsa a wata jaka mai suna Sent, wadda ba ta fitowa a wurin kallon hotuna. To ta yaya za ta goge abin da ba ta gani?

Na san wani zai ce ai shi har manhajoji ya cire amma ba ta sauya zani ba. To wanne ka cire? Ɗan wasan da bai kai mega 50 ba? Kuma in ka cire Xender, finafinan da aka tura maka ta cikinsa suna iya zama a jakarsu ba su bi shi ba. Wani kuma zai ce ta sayi memori. Ta saya, yana ciki, kusan wayam, saboda WhatsApp a cikin wayar yake zuba kayansa, ba ya kallon memori. Masu cewa a sauke manhajar share waya kuwa, ku bar wannan maganar. Tarkacen wucin gadi take sharewa, gobe ya dawo, ita kuma ta ƙara cin wuri ta cika ka da talla.

Minti ashirin muka yi a kan tabarma. Na zubar da kwandon shara, muka bi manyan bidiyoyi tana cewa wannan a bari, wannan a goge, sannan na shiga Media auto-download a WhatsApp na cire alamar bidiyo. Giga 9 ya dawo, gargaɗin ya ɓace. Abu ɗaya zan roƙe ku: in kun shiga bayanan manhaja, Clear cache ba shi da illa, amma kada ku taɓa Clear data ko Clear storage a kan WhatsApp, yana iya tafiya da hirarrakinku.

Ku kuma 'yan gurup ɗin dangi, don Allah ina da magana da ku. Bidiyon kamun Ummi mutum huɗu ne suka turo shi, kowa da nasa ɗaukar, kowanne ya fi minti biyar. Gwaggo data ɗin ɗari biyar take sawa, daga kuɗin ƙosanta. Wanda ya ɗauka ya tura wa amarya ita kaɗai mana, mai so ya tambaye ta.