Waƙar Ali a Sunan Abdurrahman

Da ƙanwata ta haihu, ni aka ɗora wa waƙar suna. Kwana uku kafin ranar na tare mijin na tambaye shi sunan, ya ce in Allah ya yarda Ali ne. Wannan "in Allah ya yarda" ɗin ne ban saurara da kyau ba.

Na zauna na gina komai a kan Ali. Amshi layi biyu, kowanne gaɓa 8, don mata su iya ɗauka a numfashi ɗaya suna tafi:

Allah raya mana Ali,
Ba shi lafiya, hankali.

Na bi shi da baiti 5, duka amsa-amonsu "li": asali, adali, kamili. Na tara 'yan amshi huɗu, muka yi ta bita har ya zauna musu a baki.

Ranar suna da safe aka raɗa wa yaro Abdurrahman.

Ali gaɓa 2 ne, bakinka bai gama buɗewa ba ka wuce shi. Abdurrahman gaɓa 4 ne, kuma kowacce mai nauyi, sai an tsaya a kanta. Layina ya tashi daga 8 ya koma 10, ga amsa-amo ya rushe, tunda a kan sunan na jingina shi. Duk da haka na ce zan gyara a fili.

Na ɗaga murya: "Allah raya mana Abdurrahman." Tafi ya ƙare tun ina "Abdur", na ƙarasa "rahman" ni kaɗai. Na laluba kalmar da za ta dace, babu, sai na ji bakina ya ce, "Ba shi lafiya da man." Wata tsohuwa ta ce, "Man me, 'yar nan? Na shafawa ko na mota?" Kafin in farfaɗo, 'yan amshina suka rangaɗa abin da suka haddace: Allah raya mana Ali! Kakar yaron ta wajen uba ta juyo a hankali ta ce, "Wai tagwaye ne aka ɓoye mini ɗaya?"

Gwaggo ce ta cece ni. Ta ce, "Ke, ba a ajiye suna a gindin layi. Kira shi a gaba, ki ja shi yadda kike so, sannan tafi ya shiga." Nan take ta ba da amshi mai gaɓa 7, wanda babu suna a ciki, babu "shi" balle "ta":

Allah raya jinjiri,
Lafiya da haƙuri.

Da "ri" addu'o'in suka riƙa zuwa da kansu: tsari daga cuta, alheri, rufin asiri. Ta fara da lafiyar jinjiri da mai jego, sannan ta gangaro kan hali.

Yaron yanzu yana rarrafe. A gidanmu har yau Mai Man ake ce masa, uwarsa kuwa in ta ji sai ta harare ni.