Ido na ruɗi, sa hannu a haƙarƙarin karenka

Duk sanda na ce wa mutum karensa ya yi ƙiba, amsar ɗaya ce: "Ai gashi ne." To, gashi yana rufe wa ido ne, ba ya rufe wa yatsa.

Tsayar da karen, ka shafa gefen ƙirjinsa a hankali, kada ka danna. Sannan ka miƙe yatsun ɗaya hannunka, ka shafa ƙasusuwan bayan hannun. Haka ya kamata haƙarƙari ya ji, ƙashi a ƙarƙashin siririn mayafi. In ya yi tsini kamar gaɓoɓin hannun da aka dunƙule, karen ya rame. In kuwa sai ka danna kafin ka ji ƙashi, kamar tudun tafin hannu, kitse ne. Leƙa shi ta sama kuma: bayan haƙarƙari ya kamata ƙugu ya ɗan tsuke. Amma cikin da ya kumbura alhali haƙarƙari na waje ba ƙiba ba ne. Yana iya zama tsutsa ko ruwa, likita za a kai shi.

Likitocin dabbobi suna ba da maki daga 1 zuwa 9. Daidai shi ne 4 ko 5, kuma kowane maki sama da 5 kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙarin nauyi. Ɗauki kare mai kilo 36 da ya samu maki 7. Ya haura da kashi 20, wato kilo 30 ne nauyin da ya dace da shi. Abin da ake so ya zubar a mako kashi 1 zuwa 2 ne na nauyinsa. A kashi 1, giram 360 kenan a makon farko, tafiyar kamar wata huɗu da ɗoriya.

A nan ne mutane ke ƙosawa, su rage abinci da rabi lokaci guda. Ni ban yarda da wannan ba. Ka rage abinci da rabi, ka rage furotin da bitamin da rabi, sai tsoka ta zube tare da kitsen, ga kare ya koma tonon shara. Gara likita ya lissafa abincin bisa kilo 30 ɗin, ba 36 ba, a riƙa aunawa a sikeli. Awon kofi kullum yana tashi da tozo, musamman in karen ya zuba maka ido. Ɗan abin da ake jefa masa tsakanin cin abinci ma a cikin lissafi yake, kada ya wuce kashi 10 na abincin yini, kuma kowa a gidan ya sani.

Auna shi duk mako biyu a sikeli guda. In nauyi ya tsaya cik, a rage abincin da kashi 10 kawai. In an yi haka har yanzu shiru, ga kasala da zubar gashi ko yawan shan ruwa, a yi gwajin jini, don wani lokaci matsalar daga sinadaran jiki take, ba daga kwano ba.