Matsakaicin farashi ba rabin jimillar farashi biyu ba ne

«Na sari shinkafa sau biyu bana, buhu jaka 20 sannan jaka 26. Ragowar buhu 30, in kimanta su a jaka 23?»

A'a, Alhaji. Jaka 23 za ta yi daidai ne kawai in adadin buhunan sarin biyu ɗaya ne. A ce ka sari buhu 100 a jaka 20, kuɗinsu jaka 2,000, daga baya buhu 50 a jaka 26, jaka 1,300. Jimilla jaka 3,300 kan buhu 150, kowanne ya kama jaka 22. Ragowarka jaka 660 ke nan, ba 690 ba. In akwai kayan bara, a haɗa su cikin lissafin, haka ma kuɗin mota da na dako.

Ko da buhu ya kai jaka 26 a babbar kasuwar Maradi yau, kada ka rubuta 780. Shinkafar mai araha ta farkon shekara ce ta ja matsakaicin ƙasa, shi ya sa ribar da littafi zai nuna ba za ta kai ta wanda ya lissafa cewa tsohon kaya ne ya fara fita ba.