Tsarabar Kano: Ku Yi Lissafi Tun Kuna Bauchi

'Yan uwa matasa masu shirin zuwa Kano hutun Sallah, kuɗin tsaraba a gida ake yanke shi, ba a tsakiyar Kasuwar Kurmi ba. Ku fara ware kuɗin motar dawowa da na abinci, abin da ya rage shi ne na tsaraba.

A ce dubu 50 ce ta rage maka. Rubuta sunayen waɗanda za ka saya wa. Inna da Baba su ɗauki dubu 25, yayye da ƙanne su raba 15, maƙwabta da yaran gida a haɗa musu abu ɗaya da za a rarraba, kamar alkaki ko dabino, na dubu 5. Ragowar 5 ka riƙe ta saboda wanda ka manta, don ba a rasa shi. Ka ciro kuɗin ka riƙe a hannu. Mai biya ta waya ba ya ganin aljihunsa na ramewa sai ya zo tasha.

Duk abin da za ka samu a kasuwannin Bauchi kamar Wunti ko Muda Lawal, bar shi. Me ya kai ka ɗauko turaren kanti tun daga Kano, alhali ga shi a ƙofar gidanku? Nemi aikin garin: takalmi da jakar fata, ko rinin Ƙofar Mata.

Inda aka fi cin baƙo shi ne wajen ɗan rakiya. Kana shiga zai tare ka da fara'a, ya ce ya san shagon da ke da "na asali". Sau da yawa yana da la'ada a wurin mai shagon, kuma a cikin farashinka aka cusa ta. Za ka gane idan ya hana ka tsayawa a wasu rumfuna, ko shi ke amsa maka farashi maimakon mai kaya. Yi masa godiya ka sallame shi. Ka taya kaya iri ɗaya a rumfa uku kafin ka fito da ko sisi, kuma ka kutsa ciki, don shagunan bakin hanya da aka ƙawata saboda baƙi sun fi tsada. In an ce maka albarka, kada kunya ta sa ka yi ta ƙari. Juya ka tafi; in tayinka ya kusa, za a kira ka.

Kafin a sallama maka jakar, juya cikinta. Fatar gaske bayanta na da kaushi, tana kuma warin jima. Ta roba za ka ga yadi manne a bayanta, gefenta na nuna zare, kuma ba ta jimawa take ɓarewa. Takalmi kuwa, ja igiyarsa ka duba ko ɗinki ne ko gam kawai aka shafa. Na Baba ka auno ƙafarsa da zare tun daga gida, don takalmin hannu ba kullum lambarsa ke daidai ba, kuma ba za ka sake bin hanyar Ningi don canjin takalmi ɗaya ba.