Kafin a ce maka "sa hannu a nan": takardar amincewa da ƙaramar tiyata da nauyin da ke kan tafinta

Jama'a, akwai wata takarda da kusan duk wanda aka taɓa yi wa aiki a asibiti ya sa wa hannu ko ya dangwala mata yatsa, amma da wuya ka samu wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinta. Ita ce takardar amincewa da tiyata. Yawanci da Turanci take, Turancin ma na likitoci, kuma ana miƙo ta ne a daidai lokacin da mutum ya riga ya canza kaya, gabansa na faɗuwa. Ra'ayina shi ne sa hannun da aka yi a wannan hali bai zama amincewa ba, sai idan mara lafiyan zai iya maimaita da bakinsa abin da za a yi masa, da abin da ka iya biyo baya.

Wannan ba son raina ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma 'yancinsa na cewa a'a. Ta ƙara da cewa a yi bayanin cikin harshen da mutum yake ji, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. To a gari irin Kaduna, inda a layi ɗaya na ganin likita za ka tarar da mai jin Hausa kaɗai, da Bafulatanar da ta zo daga ruga, da dattijon da Gbagyi ko Jju ya fi zauna masa a baki, likitan kuma wataƙila ɗan bautar ƙasa ne da ya zo daga kudu, wannan sashe na doka a wuyan tafinta yake rataye.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce wata Hajiya ce mai shekara 52, tana da kullutun kitse a bayan kafaɗa, faɗinsa kamar santimita 4. Irin kullutun nan ne mai laushi, mai motsi a ƙarƙashin fata idan ka taɓa, ba ya ciwo, sai dai ya fara damunta wajen kwanciya. Likita ya ce a cire. Aikin ƙarami ne, a ranar za ta koma gida. Da ni zan rubuta takardar, ga yadda za ta kasance:

"Likita ya gaya mini ina da kullutun kitse a bayan kafaɗata ta dama. Za a yi mini allurar kashe zafi a wurin, ba za a sa ni barci ba. Za a yanka fata, a ciro kullutun, a ɗinke. Aikin zai ɗauki kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. An gaya mini wurin zai iya zubar da jini, ko ya tara ruwa, ko ya yi mugunya, kuma tabo zai zauna. An gaya mini kullutun yana iya dawowa. Na san zan iya barin sa ba tare da an cire ba, kuma zan iya fasawa ko da na sa hannu. Na yi tambayoyina an ba ni amsa."

Shi ke nan. Ba ta kai rabin shafi ba, kuma babu kalmar da Hajiya za ta nemi a fassara mata. Amma takarda ba ta magana, don haka kowace jimla a cikinta akwai abin da tafinta zai tsaya ya tabbatar ya shiga kunne.

Maganar allura ita ce ta farko da ake yawan ɓatawa. Mutanenmu da yawa idan sun ji "tiyata" sai su ɗauka za a sa su barci. Ita wannan allurar, wadda galibi lidoken ce, a fatar wurin ake yin ta. Tana yin raɗaɗi na 'yan daƙiƙoƙi, bayan 'yan mintoci wurin ya mutu, ya kai awa ɗaya zuwa biyu a haka. Dole a gaya wa Hajiya cewa idonta biyu za a yi aikin, za ta ji ana taɓawa ana ja ana dannawa, amma bai kamata ta ji zafin yanka ba. Idan ta ji, ta yi magana a ƙara allura. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce tafinta ke yawan zubarwa, kuma iyayenmu mata akwai kunya da dauriya. Sai ta cije haƙori har a gama, tana ganin haka aikin yake.

Sai tambayoyin da likita ke yi kafin ya taɓa wuƙa. Nan ne tafinta mai gaggawa ke yin ɓarna mafi girma, domin yana amsawa a madadin mara lafiya. Likita ya ce tana shan wani magani? Ɗanta da ke fassara ya ce a'a, bai ma juya ya kalle ta ba. Alhali Hajiya tana shan ƙaramar asfirin kullum saboda hawan jini, tana kuma shan jiƙo safe da yamma, ita a ganinta jiƙo ba ya cikin lissafin magani. Asfirin da wafarin da danginsu suna sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Likita ne zai yanke ko a dakatar ko a ci gaba, ba ita ba, ba tafinta ba, amma sai ya sani tukuna. Haka ciwon suga: idan sugan bai daidaita ba, rauni na jinkirin warkewa kuma ya fi saurin kama mugunya. Haka tambayar ko wata allura ko magani ya taɓa sa mata ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. Ga mace mai ƙananan shekaru kuma akwai tambayar juna biyu, wadda ba za ta taɓa amsa ta da gaskiya ba idan ƙaninta ko surukinta ne tafinta.

Shi ya sa nake ganin ɗan uwa shi ne zaɓi na ƙarshe a wannan aiki, yaro ƙarami kuwa bai kamata a sa shi ba sam. Ba don ɗan uwa mugu ba ne. Ƙauna ce ke sa shi tace magana. Likita zai yi bayanin minti uku a kan jini da mugunya da tabo, ɗan ya juyo ya ce, "Hajiya, ya ce ba komai, yanzu za a gama." Idan kana son gane tafinta ya datse magana, tsawonta kawai za ka duba. Likita ya yi jimla goma, Hausar ta fito jimla ɗaya, to tara sun faɗi a hanya. Likitan da ya san aikinsa jimla ɗaya ko biyu yake faɗa ya dakata, yana kallon mara lafiyan ba tafintan ba, shi kuma tafinta ya faɗi duka, mai daɗi da mara daɗi, bai ƙara nasa ba. Idan Hajiya ta ce masa, "Kai ɗan nan, a ganinka in yarda?" amsarsa ita ce ya mayar da tambayar ga likita.

Akwai haɗari ɗaya da nake so a daɗe a kansa fiye da yadda ake yi, wato tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira kiloid. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, kuma kafaɗa da ƙirji da saman baya da kunne su ne wuraren da ya fi so. Tabon yakan yi tudu, ya zarce iyakar yankan, ya riƙa ƙaiƙayi, wani lokaci ya fi kullutun da aka cire damun mutum. Tambayar da za ta fito da shi mai sauƙi ce: hujin kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa yi miki tudu? Akwai mai irin wannan a gidanku? Idan amsar e ce, lissafin ya canza. Kullutun da ba ya ciwo, ba ya girma da sauri, mai yiwuwa Hajiya ta gwammace ta zauna da abinta. Wannan zaɓi na barin sa haƙƙinta ne ta ji shi, kuma a ganina shi ne aka fi ɓoyewa, don an riga an sa rana an biya kuɗi.

Game da wanda zai sa hannu: mace baliga mai cikakken hankali ita ke sa wa kanta hannu. Shawara da maigida da 'ya'ya abu ne mai kyau, al'adarmu ce, ba na ja da ita. A ba ta lokaci ta je gida ta yi, tun da kullutun kitse ba gaggawa ba ne. Amma hannun miji ba ya maye gurbin nata. Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo a 2001, ta tabbatar da cewa babba mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da likita na ganin kuskure ne. Yaro kuwa iyaye ko mai riƙonsa ne ke sa masa. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaida, bayan an karanta mata, ba kafin ba.

Sauran bayani na bayan aiki ne, kuma a faɗe shi da abubuwan da take yi kullum. Kada ruwa ya taɓa wurin kamar kwana biyu, don haka a yi maganar wanka. Ban da ɗaukar bokiti, ban da daka, ban da goyon jika, har a cire zare, wanda a baya ko kafaɗa yakan kai kwana 10 zuwa 14 saboda fatar wurin tana yawan miƙewa. Kada a shafa man zafi ko garin magani a kan ɗinkin. Ta dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ta ba idan ciwon yana ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku a maimakon raguwa, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya kama ta, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an danne da tsabtataccen ƙyalle na minti goma. A kuma gaya mata tun farko idan za a kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, da cewa kuɗinsa daban ne, da lokacin karɓar sakamako, don kada daga baya a ji an riƙe naman jikinta a shiga zargi.

Daga nan sai gwajin da na ambata tun farko, wato mara lafiya ya maimaita bayanin da bakinsa. "Kin gane?" ba tambaya ba ce, kowa "e" zai ce don kada a ga ya ɓata wa likita lokaci. A ce mata, "Hajiya, idan kin koma gida Alhaji ya tambaye ki me za a yi miki, me za ki ce masa?" Idan ta ce za a sa ta barci a cire, to an san inda za a koma. Idan ta nuna kafaɗar dama da hannunta, ta ambaci allura da ɗinki da tabo, ta ce ta san za ta iya fasawa, sai a miƙa mata biro. A ƙasan takardar kuma a bar gurbin da tafinta zai rubuta sunansa da harshen da ya yi amfani da shi ya sa hannu, a ba Hajiya kwafi ta tafi da shi gida.